Sauya Rufin Kwano da Tayil na Yumɓu Ba Tare da Siffar Gida Ta Canza Ba

Abubuwa uku ne ke ba rufin gida siffarsa ga mai kallo daga titi: gangararsa, da leɓensa, wato ɓangaren da ya zarce bango ya yi wa taga inuwa, da kuma doronsa, layin can sama inda ɓarayin rufin biyu suka haɗu. Mai gidan da ya gaji da zafin kwano da rana da ƙararsa a lokacin ruwa yakan so ya koma tayil na gasasshen yumɓu, amma sau da yawa ba shi da damar taɓa waɗannan layuka uku. Wani rufinsa a manne yake da na maƙwabci a jeri ɗaya. Wani tsayin ginin da hukumar tsara birni ta amince masa ke nan, ba ƙari. Wani kuma bangon gefe ya riga ya bi gangarar tsohon rufin, rushe shi ɓarna ce. Aikin yana yiwuwa, amma da sharaɗi: kafin waje ya tsaya yadda yake, sai kusan duk abin da ke ƙarƙashinsa ya canza.

Dalili shi ne kwano da tayil ba hanya ɗaya suke bi wajen korar ruwa ba. Kwano mai kunya-kunya, wanda Henry Palmer ya yi wa rajistar ƙirƙira a Landan a 1829, falle ne dogo marar nauyi, haɗinsa kaɗan ne, kuma yana iya tsallake tazarar kusan mita guda tsakanin katako da katako. Tayil kuwa ƙananan guntaye ne masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Irin wanda ya fi yaɗuwa a ƙasashe masu zafi shi ne mai kwarmi a gefe da ka, inda kowane ɗaya ke sarƙe da na kusa da shi. 'Yan'uwan Gilardoni na yankin Alsace ne suka fito da shi a 1841, masana'antun Marseille suka baza shi ta jiragen ruwa, shi ya sa ake ganin jajayen rufinsa a tsofaffin gidajen Gorée da Saint-Louis a Senegal. A Indiya an fara yin irinsa a Mangalore a 1865, kuma har yau a Gabashin Afirka da sunan wannan gari ake kiransa. Wannan iri ne za a yi misali da shi a nan.

Gangara ce alƙali

Tun kafin a tambayi farashin tayil, ana fara auna gangarar rufin, domin ita kaɗai tana iya kashe maganar. Awon ba ya buƙatar na'ura. Ana shiga cikin silin, a kafa katako mai tsawon mita ɗaya a kwance daidai da ma'aunin ruwa, bakinsa ɗaya yana taɓa rafta, sannan a auna daga ɗaya bakin zuwa raftar a tsaye. Idan an sami santimita 18, gangarar digiri 10 ce. Santimita 27 digiri 15 ne, 36 digiri 20, 47 digiri 25, 58 kuma digiri 30. Ana maimaita awon a wurare da dama a kowane ɓari, saboda tsohon rufi ba safai yake zama daidai ko'ina ba.

Kwano yana aiki ko a digiri 5 zuwa 10. Tayil mai sarƙewa yakan nemi digiri 20 zuwa 25 ya zauna lafiya, wasu ire-iren suna sauka zuwa wajen 15 idan an yi shimfiɗar kariya mai kyau a ƙarƙashi, shi kuwa shafaffen tayil marar kwarmi sai digiri 35. Kowace masana'anta tana faɗin iyakar nata, kuma wannan adadin ne abin bi. Idan gangara ta yi ƙasa da iyaka, ruwa ba ya gudu da sauri, kwarmin ya cika, iska ta turo shi baya ta ƙarƙashin haɗin. Rafta mai tsawo tana ƙara tsananta matsalar, tun da layukan ƙasa suna karɓar duk ruwan da ya zubo daga sama.

Wannan ya fitar da gidaje da yawa na garuruwanmu daga lissafi. Rufin da aka kwantar aka ɓoye bayan katangar sama, mai zubar da ruwa ta indararo, gangararsa ba ta kai ba, kuma babu dabarar kafinta da za ta sa tayil shi kaɗai ya riƙe ruwa a kansa. Abin da ya rage wa mai irin wannan gida shi ne ko ya yi cikakken rufi marar yoyo a ƙasa ya ɗora tayil a matsayin riga, ko ya nemi kwanon da aka matsa da siffar tayil, ko ya haƙura da riƙe gangarar.

Buhun siminti goma da buhu ɗari da sha biyar

A ɗauki gida mai tsawon mita 12 da faɗin mita 8, rufinsa ɓari biyu, gangara digiri 25, leɓe ya zarce bango da santimita 60 gaba da baya, ya kuma zarce da santimita 30 a gefuna biyu. Daga tsakiyar gida zuwa bakin leɓe mita 4.6 ne a kwance, wanda a kan gangara ya zama mita 5.08. Tsawon rufin mita 12.6. Ɓari biyu sun ba da murabba'in mita 128.

Kwano mai ɗan kauri bai wuce kilo 4 a murabba'in mita ba, na kasuwa marar kauri ma bai kai haka ba. Duk kwanon wannan gida wajen kilo 500 ne, nauyin buhun siminti goma. Tayil mai sarƙewa yana kai kilo 45 a murabba'in mita, wato guda 13 masu kilo uku da rabi kowanne. A kan wannan rufi kilo 5,760 ke nan, nauyin buhu 115, kuma da tayil na doro da sandunan rataya an kai tan shida. Duk wanda zai yi wannan aiki ya kamata ya hango motar siminti an sauke ta a kan silin ɗinsa, an bar ta can har abada.

Katakon rufin kwano ba don wannan aka yi shi ba. A misalin nan akwai firam tara masu kusurwa uku, na katakon tubaifo, tazarar mita ɗaya da rabi tsakaninsu, da katakon gicciye na tubaitiri kowane santimita 90. Aikinsu na gaskiya shi ne hana iska ɗaga kwano, ba ɗaukar kaya ba. Kowane firam yana ɗauke da kwanon kilo 60. Idan aka ɗora tayil ba a ƙara komai ba, zai koma ɗaukar kusan kilo 700. Ba lallai ya karye a ranar ba, abin da ke ruɗar mutane ke nan. Katako yana lanƙwasa a hankali ƙarƙashin nauyi mai ɗorewa, wata bayan wata, musamman ɗanye wanda aka sa bai bushe ba. Bayan damina ɗaya ko biyu sai a ga doro ya lotsa a tsakiya kamar bayan tsohon jaki, ɓarayin sun yi ciki, leɓe ya sunkuya. Layuka ukun da aka yi wahalar kiyayewa duk sun tafi.

Abu na farko da ke zuwa a rai shi ne a sa katako mafi girma. Tubaisikis ya fi tubaifo taurin lanƙwasa fiye da sau uku, domin tauri yana bin zurfin katako ne sau uku a jere. Amma ƙarin santimita biyar na zurfinsa sama zai tura rufin, kuma tsagar da ake yi wa rafta inda take zama a kan katakon bango ba a so ta wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfinta, don haka ba za a iya ɓoye ƙarin duka a can ba. Ga mai son riƙe layi, hanyoyi biyu sun fi dacewa, domin duk a cikin silin suke ƙarewa. Ta farko ita ce ƙara yawan firam: a sa biyu tsakanin kowane tsofaffi biyu, su zama 25, tazara ta koma santimita 50, kowanne ya ɗauki wajen kilo 230. Ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, ita ce tokare rafta a tsakiyarta. Raba tazarar da katako ke tsallakewa gida biyu yana rage lanƙwasarsa kusan sau goma sha shida. Sai dai tokarar ba a kan katakon silin za ta tsaya ba. Dole ta sauka a kan bangon ciki mai harsashi, ko ta zama ɓangaren firam ɗin da aka tsara da lissafi. Girman katako da tsarin tokara aikin injiniyan gini ne, adadin da ke nan na nuna yadda lissafin ke tafiya ne kawai.

Wurin da ya fi saurin cin amana shi ne ƙafar firam, inda rafta ta haɗu da dogon katakon da ke ɗaure bango biyu. Nauyin rufi yana ƙoƙarin buɗe ƙafafun ne, kamar mutumin da ya tsaya a kan santsi, kuma wannan katako ne ke hana su. Ƙusa uku ko huɗu da suka ishi kwano ba za su riƙe ninki goma na wannan ja ba. Ana sa noti mai ratsa katako da faifan ƙarfe, haka ma inda aka yi wa dogon katakon haɗi a tsakiya. Idan haɗin ya zame, doro ya sauka, kan bango ya buɗe waje, alamarsa kuwa tsaga ce a kwance kusa da silin ko a kusurwar ɗaki. Akwai kuma wani aiki da kwano ke yi a ɓoye: da yake falle ne babba da aka kafe da ƙusa ko'ina, yana ɗaure firam-firam kada su kwanta gefe. Tayil rataye yake kawai, ba ya ɗaure komai. Saboda haka ana ƙara katako a karkace daga doro zuwa katakon bango a ƙarƙashin raftoci, a kowane ƙarshen rufin.

Daga katako nauyin bango yake sauka. A wannan gida kowace mita ta dogayen bangaye biyu za ta karɓi wajen kilo 230. Lafiyayyen bulo mai inci tara da harsashi mai kyau ba ya jin wannan sosai. Abin dubawa shi ne linta a kan manyan tagogi da ƙofofi, da ginshiƙan baranda, waɗanda galibi bututun ƙarfe ne siriri da aka sa don kwano. Idan babu zoben kankare mai rodi da ya zagaye kan bangon, wannan ne lokacin zuba shi. Bangon ƙasa kuwa sai an yi hattara ƙwarai, domin nauyin da ya taru a wuri ɗaya yana nutsewa cikinsa idan ya jiƙa. Katakon da gara ta ci, ko wanda yoyo ya ruɓar, ana gane shi da tsinin wuƙa ko sukudireba, kuma ba a gina sabon abu a kansa.

Alamomin da za a bari kafin a cire ƙusa ɗaya

Da zarar an kwance kwano, shaidar inda layukan suke ta ɓace, sai musu tsakanin mai gida da kafinta. Shi ya sa ake ɗaukar awo tun rufin yana nan. Ana zana layi ɗaya a jikin bango, misali mita ɗaya sama da daɓen baranda, a zagaya da shi gidan duka da tiyo mai ruwa, wanda magina suka saba da shi. Daga wannan layi ake auna komai: tsayin bakin kwano a kusurwoyi huɗu, tsayin doro a ƙarshensa biyu da tsakiya, da nisan bakin kwano daga bango ta hanyar sauke igiya mai nauyi a baki. Ana kafa sanduna a bangayen gefe, a buga ƙusa daidai tsinin doro da daidai bakin leɓe, domin a ja zare tsakaninsu daga baya. Ana kuma yanke ma'aunin gangara daga falanki, a ɗauki hotuna daga wuri ɗaya da aka yi wa alama a ƙasa.

Idan tsakiyar doro ta fi ƙarshensa ƙasa da santimita uku ko huɗu, tsohon rufin ya riga ya lotsa, kuma layin ƙarshe zuwa ƙarshe ne na asali. Kwano yana ɓoye irin wannan karkata, tayil kuwa tona ta yake yi, domin layukansa a jere suke kamar rubutu a takarda, kuma inda katako ya yi tudu ba ya zama cikin kwarminsa.

Kaurin da ke tsakanin rafta da sararin sama

Abin da ido ke gani saman rufi ne, ba rafta ba. Don haka abin lissafi shi ne kaurin duk abin da ke tsakanin bayan rafta da saman rufin. A tsohon rufin misalin, gicciye yana kwance da kaurin santimita 5, kunyar kwano kuma kusan santimita 2, jimilla 7. A sabon, akwai shimfiɗar kariya wadda kaurinta ba abin lissafi ba ne, da sandar rataya mai santimita 2.5, da tayil ɗin kansa, wanda idan ya hau kan ɗan'uwansa yakan tashi wajen santimita 6. Jimilla 8.5. Bambancin santimita ɗaya da rabi ne, wanda a tsaye ya kai 1.7. Inda za a zuba sabon zoben kankare, sai a sauke samansa da wannan adadi, ko a sa katakon bango da ya fi tsohon siranta da haka. Da gicciyen a tsaye yake a kan kaifinsa, da tsohon kaurin ya kai 9.5, sai ma a sami rarar da za a cike da ɗan siririn katako.

A nan ne kasuwar katako ke shigo da tata matsalar. Sandar rataya mai santimita 2.5 da 5 ta isa idan tazarar raftoci ba ta wuce santimita 60 ba, amma abin da ke jibge a kasuwa tubaitu ne, kafinta kuma shi zai ɗauko. Tubaitu ya ƙara santimita biyu da rabi nan take. Haka ma idan aka sa ƙarin sanda a bisa kowace rafta don ruwa ya sami hanya a ƙarƙashin sandunan rataya, abin da ya zama dole idan an shimfiɗa falanki a kan raftoci. Maganin shi ne a kai katakon inji a tsaga shi a goge zuwa kauri ɗaya, domin katakon kasuwa sunansa ɗaya ne amma awonsa ba ɗaya ba. Idan babu falanki, ana barin shimfiɗar ta ɗan yi ciki tsakanin raftoci, kamar santimita ɗaya, ruwan da ya ɓalle ya bi nan ya fita.

Shimfiɗar ba ado ba ce. Haɗin tayil yana numfashi, abin da ke sa ɗaki sanyi, amma ta nan ƙurar hunturu da feshin ruwan da guguwa ta turo suke shiga. Ana shimfiɗa ta daga ƙasa zuwa sama, na sama yana hawa kan na ƙasa da aƙalla santimita 15, bakinta na ƙarshe ya sauka a wajen allon leɓe, ba bayansa ba.

Doro shi ne wurin da kalmar "daidai" ke buƙatar yarjejeniya. Gangara da leɓe da doro a ɗaure suke da juna, idan an tsayar da biyu na ukun ya tsayu da kansa. Murfin doro na kwano kwance yake a kan rufi, da ƙyar ya tashi santimita biyu. Tayil na doro mai siffar rabin tulu, idan an zaunar da shi a kan kwaɓin siminti, yana iya tashi santimita takwas ko goma. Kafintan da ya ga haka ya sauke tsinin raftoci da santimita 8 don saman doron ya taɓa zare, ya rage gangarar da kusan digiri ɗaya, rashin da rufin da ke bakin iyakarsa ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya sauke rufin gaba ɗaya kuma ya sauke leɓe. Hanya mafi kyau ita ce a riƙe ɓarayin biyu a inda suke, ta yadda wurin haɗuwarsu bai motsa ba, sannan a zaɓi tayil na doro mai kusurwa, marar tudu, a rage allon doro idan ya leƙo, a zaunar da murfin ƙasa-ƙasa. Za a iya samun saurar santimita biyu ko uku. Idan tsayin da hukuma ko maƙwabci ke dubawa na saman murfin ne, sai a raba wannan ɗan bambanci tun a takarda, a san wanne aka sadaukar.

Raba layuka tsakanin leɓe da doro

Kwano ana yanka shi daidai tsawon da ake so. Tayil kuwa tsawonsa ɗaya ne, sai dai a raba gangarar ta ɗauki cikakkun layuka. Ana farawa da auna tayil ɗin da aka kawo, ba wanda ke cikin takardar talla ba, domin yumɓu yana tsukewa a wuta kuma kowace gasa da nata girman. Ana jera guda goma sha biyu a ƙasa a sarƙe, a matse su a auna tsawon goma, a ja su iyakar buɗewarsu a sake aunawa. Wannan ne ke nuna mafi ƙanƙanta da mafi girman tazarar da za a iya ba sandunan rataya.

A ce tayil ɗin misalin tsawonsa milimita 420 ne, ƙugiyarsa tana milimita 30 daga ka, yana kuma karɓar tazara daga 330 zuwa 345. Daga zaren leɓe zuwa tsinin doro milimita 5,076 ne. Sanda ta farko za ta zauna milimita 390 sama da zaren, don bakin tayil ya faɗo daidai inda bakin kwano yake. Ta ƙarshe za ta zauna milimita 40 ƙasa da tsini. Saura 4,646. Idan aka raba gida 13 an sami 357, ya yi faɗi, haɗin ba zai rufu ba. Gida 14 ya ba da 332, wanda ke cikin iyaka. Layuka 15 ke nan a kowane ɓari. A faɗi kuma, idan kowane tayil yana rufe milimita 225, guda 56 sun cika mita 12.6. Jimilla 1,680, da ƙarin kashi biyar cikin ɗari na fashewa da ajiya, wajen 1,770.

Ba kullum lissafi ke faɗawa daidai haka ba. Idan tayil ɗin mai tazara ɗaya ne tak, a ce 340, layukan za su zarce da milimita 114. Jarabar da ke zuwa ita ce a ƙara tsawon leɓe a huta. Abin yi shi ne a yanke kan layin ƙarshe na sama, a huda shi a kafe da ƙusa, murfin doro ya rufe yankan. Ana buga alamar sandunan da zare mai alli daga awo ɗaya mai ci gaba, ba a riƙa ɗora guntun katako daga sanda zuwa sanda ba, domin kuskuren milimita biyu sau goma sha huɗu ya kusa santimita uku.

Layin farko yana da wata larura tasa. Kowane tayil bakinsa a kan na ƙasa da shi yake zaune, amma na layin farko ba shi da abin hawa, don haka sai ya sunkuya, leɓen ya yi kamar an karya shi. Ana ɗaga allon leɓe, ko a sa sanda mai ƙarin kauri daidai kaurin tayil ɗaya, har sai dogon katako da aka ɗora a kan layuka uku na farko ya taɓa su duka. Saman allon zai hau sama kaɗan, amma bakinsa na ƙasa, wanda shi ake gani daga tsakar gida, yana nan a tsohon awonsa. Bakin tayil yana zarce allon da wajen santimita biyar ya zuba a makwarara. Wutsiyoyin raftoci su ne suka fi shan ruwa a tsohon rufi, ga shi yanzu za su riƙe kaya ba tare da tokara ba, don haka duk wadda ta yi laushi ana haɗa mata sabuwa mai shiga ciki sosai bayan bango. Ramukan da ke ƙarƙashin bakin tayil ana toshe su da raga, in ba haka ba tsuntsaye da jemagu sun sami gida.

Ɗorawa da dubawa

Aikin na rani ne, a gama shi kafin guguwar farkon damina. Kafin a hau da tayil ana ƙwanƙwasa shi da ƙarfe: wanda ya gasu yana ƙara kamar sabuwar tukunya, mai tsaga ko ɗanye kuwa muryarsa a dushe take. Ana jiƙa 'yan kaɗan kwana guda a sake auna nauyinsu, domin nauyin jiƙaƙƙe ne rufin zai ɗauka a watan Agusta. Ana hawa da shi ƙananan tari, a raba ɓari biyu daidai wa daida, kada a cika gefe ɗaya ya ture firam-firam. Yana da kyau rufin ya kwana biyu da kayansa kafin a yi kwaɓin doro ko a gyara silin, don katako ya gama zama.

Nauyi ba ya hana iska aikinta. Guguwa tana tsotsar rufi ne a gefuna da doro, saboda haka duk tayil na leɓe da na gefe da na layin sama ana kafe shi da ƙusa marar tsatsa ko maƙalli, na tsakiya kuma bisa yadda masana'anta ta tsara. Ba a buga ƙusar har ta danne yumɓun, sai ya tsage. Tayil na doro ma ana ɗaure shi da sukuru ko waya, domin kwaɓin siminti shi kaɗai yana rabuwa idan katako ya motsa. Ɗaurin firam da bango, na rodi ko na ƙarfen ɗauri, yana nan yadda yake a zamanin kwano.

Idan an gama, ana mayar da zare kan ƙusoshin da aka bari, a auna kusurwoyi huɗu da doro daga layin bango, a gwada falankin gangara, a ɗauki hoto daga tsohon wurin. A ruwan farko mai ƙarfi ana shiga silin da tocila a duba bayan shimfiɗa da ƙafafun firam. Bayan damina ta wuce ana sake jan zaren doro. Saukar 'yan milimita zaman katako ne, amma idan tsakiya ta sauka santimita biyu ko fiye, ko tsaga ta fito a kan bango, ko ƙofar ciki ta fara cijewa, to wani haɗi yana zamewa, kuma ana tokare wurin a kira injiniya kafin damina ta gaba.